Sabar tana cewa "Too many open files"

"Sabata tana aiki lafiya, bayan kwana biyu sai ta fara cewa Too many open files. Mene ne matsalar?"

Malam, duk abin da shirinka ya buɗe, fayil ne ko haɗin intanet, Linux na ba shi lamba. 0 ta shigar da bayani ce, 1 ta fitarwa, 2 ta kurakurai, naka su fara daga 3. Yawanci iyakar 1024 ce, `ulimit -n` zai nuna maka.

Tunda sai an kwana biyu, ina zargin yoyo ne: ana buɗewa ba a rufewa. Ƙirga su yanzu, ka sake bayan awa ɗaya, ka sa lambar process ɗin sabarka a wurin PID:

```
ls /proc/PID/fd | wc -l
```

In adadin hawa kawai yake yi, nemo inda aka manta `close()`. Ɗaga iyakar jinkirta faɗuwar kawai zai yi.