Daga yadi zuwa riga: me zan ɗauka, me zan faɗa a bidiyon?

Tambaya: Salamu alaikum Hajiya. Ina da ɗan atelye a Bukoki nan Yamai. Kwanaki na sa bidiyo, na nuna shadda fara sannan na nuna rigar da na ɗinka da ita, sai ga mutane na rubuta wai hoton wata na sato daga Bamako. Wallahi abin ya yi min ciwo. Yanzu wata kiliyan ta kawo shadda ruwan toka metir 3 ba aiki ba komai, doguwar riga take so, kuma ta yarda in ɗauka. Don Allah yaya zan tsara shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, ki yi haƙuri, na san zafin a ce miki ɓarauniya kan abin da kika kwana kina ɗinkawa. Amma bari in gaya miki gaskiya, wanda ya kalli bidiyon nan bai ga abin da zai kare ki da shi ba, ya ga yadi, ya ga riga, tsakani babu ke.

Wannan salon na a wurga yadi sama, a toshe kamara da hannu, a buɗe sai ga riga, shi ne abin da nake faɗa da shi kullum. Masu cewa sun iya harkar TikTok su ke koya wa teloli shi, suna karɓar jika biyar jika goma na mutum, alhali cikinsu da yawa ba su taɓa riƙe almakashi ba. Su ce miki wai mutane ba su da haƙurin kallon yanka, ko kuma su tsorata ki wai in kika nuna yankanki za a sace miki sirri. Wane sirri fisabilillahi? Duk yarinyar da ta yi shekara ɗaya a atelye ta san yadda ake fitar da wuya da hammata, abin da ba a iya sata shi ne tsabtar hannunki, kuma shi ɗin ne kike ɓoyewa. Atamfa ma da sauƙi, zanenta na yi miki shaida cewa ita ce aka ɗinka. Yadi marar zane ba shi da shaida, shadda ruwan toka ta Babbar Kasuwa da ta Bamako duk ɗaya ce a ido. Sannan ga ɓarna ta biyu da ta fi damuna, kina koya wa kiliyan da kanki cewa riga abin ƙiftawar ido ce. Ita ce za ta zo miki ana gobe jajiberin Sallar layya da yadinta ta ce zuwa magariba, in kika faɗi kuɗin ɗinki ta ce haba, ɗan wannan aikin? Ba ta ga awo ba, ba ta ga guga sau uku ba, ba ta ga daren da kuran ya ɗauke kika koma keken ƙafa ba. Mu muke karya farashinmu da hannunmu sannan mu dawo muna kuka.

To ga yadda za ki yi da wannan rigar. Ki rubuta senariyon a takarda tun kafin almakashi ya taɓa yadin, don yanka sau ɗaya ake yin shi. Mu ce tsawon rigar santimetir 140, ki ƙara 4 na kalmasa ƙasa da 2 na kafaɗa, 146 ke nan, gaba da baya 292. Metir 3 gare ki, abin da ya rage a tsawo santimetir 8 ne, hannuwa ma daga gefen faɗin za su fito. Kin ga babu wurin a ce sake yankawa kamara ba ta ɗauka ba. Shi ya sa kar ki kuskura ki riƙe portabul da hannu ɗaya kina yanka da ɗaya, ki kafa ta sama da tebur a tsaye (9:16) ko ki ba yarinyar atelye ta riƙe, ki gwada da ƙyalle ki duba ya fito kafin ki taɓa na mutane.

Bidiyon minti ɗaya ya isa. Sakan biyar na farko ki warware shaddar kan tebur, metir a kanta, ki ce "Metir uku ne, ba aiki ba ado, ku tsaya ku ga abin da zai fito." Daga nan awo da alli, nan ne za ki ɗan daɗe, kamar sakan goma sha biyar, ki faɗi lissafi ɗaya tak da bakinki: "Ƙirji 96, na ƙara 8 don ta sake, na raba huɗu ya ba ni 26, da 2 na ɗinki 28." Wanda ya ji wannan ya san mai aikin ce ke magana, ɓarawon bidiyo ba zai iya faɗinsa ba. Sai yanka, ki bar ƙarar almakashi ta fito, kar ki rufe ta da waƙa. Idan kin fitar da wuya, ɗan ƙyallen nan da ya faɗo ki ɗaga shi ki nuna, ki ce "Ku riƙe wannan a ranku", ki ajiye shi wuri mai kyau.

Wajen keke ba sai kin nuna komai ba, kafaɗa ɗaya, haɗa hannu, sai wuya, kowane sakan huɗu ko biyar, kuma kusa da allura za a ɗauka don a ga layin ya miƙe. Ki duba zarenki kafin nan, yadi marar zane ba ya rufa asirin kowa, in zaren ya yi tauri ɗinkin zai tattare kuma kamara za ta nuna shi fiye da ido, ga shadda in an warware sai ramin allura ya zauna. Guga ki nuna shi ta baibai, ki ce "Ta ciki nake gogewa don kar ƙyallin ya mutu." A ƙarshe rigar a jikin mai ita ko a maniki, a juya gaba da baya, ki buɗe cikin a ga kalmasa, sannan ki ɗauko ƙyallen wuyan nan ki ɗora shi a wuyan rigar. Jimlarki ta ƙarshe ki faɗi kwana nawa aikin ya ci, gaskiyar kwanakin, in uku ne ki ce uku.

Abu ɗaya da zai iya ɓata miki duk wannan shi ne haske. Ruwan toka in kin ɗauke shi da safe bakin ƙofa, kika ɗauki rigar da dare ƙarƙashin doguwar fitila, zai koma kamar shuɗi ko kore, sai a sake cewa ba yadin ba ne. Ki ɗauki farko da ƙarshe wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da hantsi cikin inuwa. Ki danna yatsa kan yadin a fuskar portabul ki riƙe, yawancinsu za su kulle haske, wasu har su rubuta AE/AF. In kin ga layuka na yawo a hoton, fitilar ce, ki kashe ta ki matsa bakin ƙofa.

Littafin awo kuma ki ɗauke shi daga tebur, sunayen mutane da lambobinsu na ciki. Ta yarda ki ɗauki rigarta, amma ki sake tambayarta a kan fuska da kuma faɗin awon ƙirjinta, ki bar ta ta ga bidiyon kafin ki sa a WhatsApp. In ta ce ba ta so, sai lissafin da za ki faɗa da bakinki ya zama na tsawon riga, fuskar kuma ki yanke daga wuya.