Gwaggo, me zan rubuta a ƙarƙashin hoton?

"Gwaggo, Allah ya ba ni juna biyu, yau sati 9. Ina so in ɗora hoton sikanin a WhatsApp, amma na rasa kalmomin da zan rubuta a ƙarƙashinsa don kada a ce ba ni da kunya. Mama ta ce in bari tukuna, ta ƙi gaya mini dalili. Ke me kika gani?"

'Yata, Alhamdulillahi. Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne. Na karanta saƙonki sau biyu. Na farko na yi dariya, domin ni a lokacina ko kalmar ciki ba na iya furtawa a gaban uwata, ke kuma ga shi har hotonsa kike riƙe da shi tun bai wuce girman ɗan yatsa ba. Da na sake karantawa sai gabana ya faɗi, saboda sati 9 ɗin nan da kika ambata.

Mamanki ba za ta gaya miki dalili ba, domin ke ce 'yar farinta, ko sunanki ba ta faɗa, balle ta zauna ta yi miki zancen ciki. Ni gwaggo ce, wannan alkunyar ba ta hau kaina ba, don haka saurara.

Cikina na farko bai kai wata uku ba lokacin da mijina, Allah ya jiƙansa, ya kasa riƙe murnarsa. Abokinsa ɗaya ya gaya wa, abokin ya gaya wa matarsa, kafin sati ya zagayo mata sun fara shigowa gidan suna kallona suna murmushi. Wata ma har ta aiko mini da 'yar hular jariri da ta saƙa da hannunta, ruwan ɗorawa, na naɗe ta na sa a ƙasan akwati.

Wata safiya ina shara na ji marata ta ɗaure. Na shiga bayi na ga jini kaɗan. Uwar mijina tana zaune a tsakar gida, tsakanina da ita bai fi taku goma ba, amma na rasa da wane baki zan gaya mata. Na ƙarasa sharar, na yi wanke-wanke, na ɗora girki, ina yi ina cije leɓe. Da la'asar jinin ya ƙaru, da magariba na fara ganin duhu-duhu idan na miƙe. Ita ce ta lura ban fito alwala ba, ta ɗaga labule ta same ni a ƙasa, zanina ya jiƙe. Kalma ɗaya ta faɗa: "Tun yaushe?" Da na ce tun safe, sai ta dafe kai. A daren aka kai ni asibiti, aka yi mini wankin ciki, aka ƙara mini jini.

Na warke a jiki cikin 'yan makonni. Abin da ya daɗe yana cina shi ne mutane. Labarin cikin ya zagaya ko'ina, labarin ɓarin kuwa bai bi sawunsa ba, don ba wanda yake son ɗaukar irin wannan saƙo. Bayan wata huɗu na je wani biki, wata dattijuwa ta riƙe hannuna a tsakiyar mata, ta dubi cikina ta ce, "Ke wannan ciki naki ba ya fitowa ne? Yaushe za mu zo suna?" Ba da mugunta ta faɗa ba, wallahi addu'a ma ta bi ni da ita. Na koma bayan ɗaki na yi kuka har kwallina ya wanke. Kakata da na ba ta labari cewa ta yi, "Magana zarar bunu ce. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba."

Su tsofaffinmu kambun baka suke cewa, kuma ni ma ba na wasa da addu'ar neman tsari. Amma daga baya, da na yi ta zuwa awo a sauran haihuwata, wata ungozomar asibiti ta buɗe mini ido. Ta ce cikin da aka san da shi, a kowane goma akan samu ɗaya ko biyu ya zube, kuma mafi yawansu a sati 12 na farko ne. Galibi tun wajen haɗuwar halittar ne abin bai daidaita ba, ba shara ce ta jawo ba, ba kuma idon wani ba. Idan aka wuce wata uku haɗarin yana raguwa sosai. Sai na gane cewa kakanninmu, ba tare da sikanin ba, sun ƙirga wannan da idonsu. Wasu ma sukan jira ɗan ya motsa, wanda a cikin fari yakan kai sati 18 zuwa 20, kusa da kwana 120 ɗin da malamai suke cewa ana busa rai.

Amma kada ki ɗauki shiruna na ranar nan a matsayin tarbiyya. Kuskure ne, ya kusa kai ni kabari. Kunyar da ta hana ki gaya wa jama'a daban, wadda ta hana ki neman taimako daban. Mijinki ya sani, mamanki ta sani, ki ƙara da mace ɗaya da take kusa da ke wadda za ki iya bugawa ƙofa da tsakar dare. Ki je ki yi rajistar awo yanzu, kafin sati 12, kada ki jira ciki ya fito kamar yadda muka riƙa yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin folik asid da za su ba ki, a waɗannan makonnin farko ya fi amfani. Idan kika ga jini, ko kaɗan ne, ki faɗa a ranar. Ba kowane jini ne ɓari ba, amma su ne za su duba su tantance. Idan kuwa ciwo mai tsanani ya kama ki a gefe ɗaya na mara, ko jiri ya ɗebe ki, ko zazzaɓi, a lokacin za ki tafi, ba sai gari ya waye ba.

Abin da yake damuna da ku 'yan yanzu shi ne ba ku ƙirga masu kallo. Ni mata ashirin ne suka ji, na sha wahalar amsa musu. Ke mutum nawa ne a wayarki? Da mai gyaran mota, da ƙawar da kuka rabu tun makaranta, da wadda ta shekara goma tana neman haihuwa ba ta samu ba, kowa zai gani. Ki tambayi kanki, in Allah ya kawo wata jarrabawa, ba fata nake yi ba, za ki iya komawa ki rubuta musu wancan labarin ma? Ga shi kuma takardar sikanin tana ɗauke da sunanki, da kwanan wata, da sunan asibitin, da adadin makonnin, kowa zai iya lissafa watan haihuwarki. Ko goge shi kika yi, wani ya riga ya ɗauka ya ajiye.

Kalmomin da kike nema kuwa, ni ban iya rubutun waya irin naku ba. Idan lokacin ya yi kuma mijinki ya yarda, domin labarin nasa ne shi ma, ba na ganin laifi ki rubuta "Alhamdulillahi, muna neman addu'arku" ki tsaya a nan, ba hoton ciki, ba ranar haihuwa, ba namiji ne ko mace. Mai hankali zai gane. Sai dai kafin nan ki tabbata surukarki da iyayenki maza sun ji daga bakin wani babba, kada su tsinta a waya kamar baƙi, wannan yana yi wa manya ciwo fiye da yadda kuke zato.

Hular nan ruwan ɗorawa, yayanki na wajena ne ya sa ta ranar sunansa, shekara biyu bayan wancan daren. Tana nan a akwatina har yau. Ki kira ni gobe bayan azahar ki gaya mini ranar da za ki je awo, in ba mai raka ki zan zo.