Na Rubuta Riyal 130 a Maimakon 180: Shin Saƙon Ban Haƙuri Ya Wadatar?

Wata Hajiya mai shagon abaya a Jidda ta aiko da tambaya cewa ta fitar da talla a shafin shagonta ranar Alhamis da daddare, inda aka rubuta riyal 130 a kan abayar da kuɗinta riyal 180 ne. Ba ta lura ba sai bayan sallar Juma'a, alhali mata bakwai sun riga sun tura kuɗi ta kuma amsa musu cewa an karɓa, wasu kusan ashirin kuma sun tambaya ne kawai. Tana son sanin ko rubutun ban haƙuri zai sauke mata nauyin kowa.

Hajiya, amsar a taƙaice ita ce rubutun gyara yana tsare ki daga abin da zai zo bayansa, amma ba ya warware cinikin da aka riga aka ƙulla. Dokar kasuwanci ta intanet da Saudiyya ta kafa a 2019 ta faɗa a sashe na 10 cewa talla tana cikin takardun da ke cika yarjejeniya, kuma tana ɗaure ɓangarorin biyu. Saboda haka matan nan bakwai da suka biya kika amsa musu, an samu tayi da karɓa a tsakaninku, kuma farashin cinikin shi ne 130.

Za ki ce ai kuskure ne, kuma gaskiya ne dokar mu'amalolin jama'a ta 2023 ta ba wanda ya yi babban kuskure damar neman a soke ciniki, sai dai ta sa sharaɗin cewa ɗaya ɓangaren ya san da kuskuren, ko ya faɗa cikinsa shi ma, ko kuwa abu ne da zai gane cikin sauƙi. Da 18 aka rubuta, wato sifili ya faɗi, da hujjarki ta yi ƙarfi, domin duk macen da ta taɓa shiga kasuwar Balad ta san ba a sayar da irin wannan abaya a kan riyal 18. Amma 130 farashi ne da hankali ke ɗauka, mai saye za ta zaci sauƙi kika yi. A ganina ki ba su kayansu. Riyal 50 sau bakwai 350 ne, kuma bai kai wahalar da za ki sha ba idan ɗaya daga cikinsu ta kira 1900 ta kai ƙorafi Ma'aikatar Kasuwanci, wadda doka ta ba ikon yin gargaɗi, ko cin tarar da ka iya kai riyal miliyan ɗaya, ko rufe shafin. Idan akwai wadda ta yarda don kanta ta karɓi kuɗinta, wannan sulhu ne kuma ya halatta, amma a rubuta shi, kada kuma ki matsa mata.

Su kuwa masu tambaya kawai, babu cinikin da ya ɗaure ki da su, domin a ƙa'ida sanar da farashi a talla ba tayi ba ne sai idan akwai alamar da ta nuna haka ake nufi. Ki aika wa kowace da gyaran tun kafin ta tura kuɗi.

Ga yadda nake ba ki shawara ki rubuta: "Muna ba abokan cinikinmu haƙuri. A tallar da muka fitar ranar Alhamis an yi kuskure an rubuta riyal 130 a kan baƙar abaya mai aikin hannu. Farashinta na gaskiya riyal 180 ne, har da dariba, wato haraji. Waɗanda suka biya muka tabbatar musu kafin wannan sanarwa za su karɓi kayansu a kan abin da suka biya."

Ki sa ranar da lokacin da kika fitar da shi, domin wannan lokacin ne iyaka tsakanin mai haƙƙi da marar haƙƙi, ki kuma fitar da shi a duk inda tallar farko ta shiga, har da WhatsApp, da Larabci da Hausa. Kafin ki cire tsohuwar tallar ki ɗauki hotonta ki adana tare da rasit-rasit ɗin. Kada ki ɗora laifin a kan yarinyar da ke kula miki da shafi, domin shagon naki ne kuma ke doka ta sani. Kada kuma ki kira 130 ɗin rangwamen da ya ƙare don ki rufe kunya: rangwame yana buƙatar izinin Ma'aikatar Kasuwanci, kuma wannan kalma kaɗai tana iya mayar da kuskuren hannu ya zama tallar yaudara.