Sunan kulob ɗin yaran unguwa: na baki da na gaban riga

"Salam 'yan uwa, mun haɗa kulob na yara 'yan ƙasa da shekara 15, mun sa masa SABUWAR UNGUWA YOUNG STARS UNITED amma mai buga riga ya ce ba zai shiga ba. Don Allah a ba mu shawara."

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka da alheri kan wannan ɗawainiya da yaran. Gaskiya mai buga rigar nan bai yi maka ƙarya ba. Na daɗe ina riƙe da yara a filin unguwarmu, kuma ni nake kai rigunansu shagon bugu, don haka ga abin da na gani.

Ɗauko tef ɗin tela ka auna gaban rigar yaro ɗaya. Wurin da rubutu zai zauna ba tare da ya shige hammata ba bai wuce kamar inci 10 ba. Sunan naku harafi 29 ne, in ka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi ya zama gurbi 33, kenan kowane harafi ko sulusin inci ba zai samu ba. Wanda ke tsaye a bakin fili ba abin da zai gani sai farin layi. Kuma in irin bugun nan ne na roba da inji ke yankawa a manna da zafi, ƙananan haruffa su ne suke fara ɗagowa daga gefe, wanki kaɗan da omo da shanya a rana sai ka ga I ta tafi, T ta rataye. In aka raba shi layi uku kuma ya cinye wurin da za ku sa bajo ko sunan mai ɗaukar nauyi in Allah ya kawo shi.

Shawarata ku bar dogon suna a takardar rajista ta hukumar ƙwallo in kuna sonsa, amma na riga da na baki ya zama kalma ɗaya ta Hausa, gaɓa biyu ko uku, harafi kada ya wuce takwas. Dubi Kano Pillars mana, tun 1990 aka kafa ta, amma ka shiga filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ka ji me ake cewa, "Sai Masu Gida!" ne kawai yake tashi, don shi ne ya zauna a bakin mutane kuma yana bin kiɗa.

Ɗauki misalin ZARATA. Harafi shida, a inci 10 kowanne zai samu faɗin kusan inci ɗaya da rabi, sai a yi masa tsayin inci biyu da rabi, daga ɗaya gefen fili ana karantawa. Ƙarshensa wasali ne, ana iya jansa, mutum ɗaya ya ce "Su waye?" jama'a su amsa "Zarataaa!" da tafi uku. Gwada jan Stars haka ka ji, a haƙori zai maƙale. Sabuwar Unguwa kuma sai ta koma cikin bajo ko a baya saman lamba.

Kafin ku biya ko sisi, ku tara yaran bayan tirenin da yamma, su tsaya a raga ɗaya kai ka tsaya a ɗayar, su yi ta kiran sunan. In ba ka ji shi tas ba, ko ka ji sun gutsure shi da kansu, to abin da suka gutsure ɗin shi ne sunan. Sannan ka tambaye su yaya abokan hamayya za su juya shi, yara sun fi mu sanin wannan. Akwai wasu da na sani suka so sa Guguwa, suna mai daɗin kira, sai wani yaro ya ce ai guguwa iska ce, ranar da aka ci mu 'yan iska za a kira mu. Nan take aka ajiye shi.

Abu biyu da zan roƙe ka. Kada ku sa sunan ɗan siyasa don ya ba da riguna, zaɓe na wucewa tallafin ya tsaya, rabin iyayen yara kuma ba jam'iyyarsa suke ba. Kuma kada ku sa sunan Allah ko lafazin Alƙur'ani, rigar ƙwallo ana faɗuwa da ita a ƙasa, ana jefar da ita a cikin wanki.

In sunan da kuka zaɓa yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ka zauna kusa da mai shagon ka duba allon kwamfutarsa, da yawa daga salon haruffan da suke amfani da su a CorelDraw ba su da masu lanƙwasa, sai ya fito da akwati ko ya sa K kawai, ƙarfi ya koma karfi. Ya buga riga ɗaya tukuna, yaro ya sa ya yi wasa da ita a wanke, in ta tsaya sannan a buga sauran.