Karanta Layin Jadawalin da Ba a Rubuta Adadi a Kansa Ba

"Ina da hoton jadawalin layi na farashin kaya, babu adadi a kan ɗigogin sai a gefe. Yaya zan san kashi nawa cikin ɗari farashin ya ƙaru daga Janairu zuwa Yuni?"

Ka ƙara girman hoton, ka ja layi a kwance daga kowane ɗigo zuwa ma'aunin hagu, sannan ka kimanta inda ya faɗa tsakanin layuka biyu mafi kusa. A ce layukan suna kan 40, 60 da 80: idan ɗigon Janairu yana tsakiyar 40 da 60, to 50 ke nan, idan kuma na Yuni ya haura 60 da rubu'in tazarar, ya zama 65. Sai ka cire 50 daga 65, ka raba 15 ɗin da adadin farko, ka ninka da 100, amsar ita ce kashi 30 cikin ɗari.

Sharaɗi guda shi ne kada ka auna tsayin ɗigon daga ƙasan hoton, domin sau da yawa ma'aunin ba ya farawa daga sifili. A misalinmu, idan ya fara daga 40, ɗigon Yuni zai fi ninkin tsayin na Janairu a ido, alhali ƙarin bai kai rabi ba. Kuma tunda kuskuren 2 a kowane ɗigo kan iya mayar da amsar 21 ko kusan 40, ni dai nakan rubuta "kimanin kashi 30" kawai, ba na sa ɓurɓushin lamba.