Kuɗin Fansho Ba Haraji Ba Ne

"Na fara aiki a wani kamfani a Abuja. A takardar albashina an cire haraji, an kuma cire fansho. Ashe ba haraji biyu ke nan ba?"

A'a, ɗan'uwa. Haraji idan ya fita ya tafi baitulmali, ba a rubuta sunanka a kansa. Na fansho kuwa naka ne, ajiya ake yi maka.

Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, mai kamfani ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa. Mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne gundarin albashi da kuɗin gida da na mota. A ce ukun sun kama naira 200,000 a wata. Za a cire maka 16,000, kamfani ya ƙara 20,000, wato 36,000 ke shiga asusun da ka buɗe da sunanka a kamfanin fansho mai kula da ajiyar. Sai an ware 16,000 ɗin nan ma kafin a lissafa harajinka. Ko ka sauya wurin aiki, asusun na nan, kuma in rai ya yi halinsa magada ne za su karɓa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasu kamfanoni suna cirewa amma ba sa turawa, alhali kwanakin aiki bakwai kacal doka ta ba su bayan biyan albashi. Ya taɓa faruwa da ni, sai bayan wata biyar na farga. Saboda haka ka riƙa duba bayanin asusunka. In ka ga wata biyu shiru, tuntuɓi kamfanin fanshonka, in abin ya faskara ka kai ƙara hukumar fansho ta ƙasa.