Noti ya wuce gwaji, amma manhaja ta nuna ja

Tambaya: Ina lissafin haɗa bim da ginshiƙi da farantin ƙarfe, nauyin 180 kN, noti uku M20 masu lamba 8.8. Manhaja ta nuna kore a Shear, ja a Bearing. In sauya su da masu lamba 10.9?

Amsa: Kada ka sauya, notin ba shi da laifi. Gwaji na farko yana duba ko notin zai guntule, na biyu kuma yana duba ko ƙarfen da ke kewaye da ramin zai lotsa ko ya yage. Ƙara ƙarfin noti ba ya ƙara wa wannan ƙarfen komai.

Bari mu bi lissafin da ƙa'idar EN 1993-1-8. Idan wurin yankan ya faɗa kan zaren notin, faɗin da ake amfani da shi 245 mm² ne:

```
Fv,Rd = 0.6 × 800 × 245 / 1.25 = 94 kN
```

Da yawa sukan raba 180 gida uku, su ga 60, hankalinsu ya kwanta. A nan ake tuntuɓe. Layin notin ba a jikin ginshiƙi yake ba. A ce tazarar milimita 50 ce, sai nauyin ya riƙa murɗa jerin da 9 kNm. In tsakanin noti da noti milimita 70 ne, na sama da na ƙasa kowanne zai sha turin kusan 64 kN ta gefe, ban da 60 ɗin da ke danna shi ƙasa. Tunda ɗaya ta gefe yake, ɗaya kuma ta ƙasa, ba a tara su kai tsaye; haɗe da lissafin Pythagoras sun kai 88 kN. Notin ya ɗauka, da ƙyar dai.

To, turin gefen nan bakin bim yake nufa, inda naman ƙarfen ya fi ƙaranci. Ɗauki bangon tsakiyar bim mai kaurin milimita 6, ƙarfen S275 da fu = 430, rami milimita 22, daga tsakiyar rami zuwa baki milimita 40:

```
αb = 40 / (3 × 22) = 0.606
Fb,Rd = 2.5 × 0.606 × 430 × 20 × 6 / 1.25 = 62.5 kN
```

Ka ga 62.5 bai kai 64 ba. Ina kyautata zaton jan da kake gani ke nan. Buɗe rahoton ka duba wanne ya gaza, farantin ko bangon bim. Galibi mai ƙarancin kauri ne. A ƙarfen da aka riga aka ɗaura, alamar ita ce ramin ya miƙe kamar ƙwai, bakin ƙarfen ya kumburo.

Ni noti na huɗu zan ƙara, muddin zurfin bim ya ba da wuri. Da tazarar 70 ɗin, turin gefe zai sauko kusan 39 kN, na ƙasa 45. Kafin nan, tabbatar kaurin da ka shigar a manhajar na bangon tsakiya ne, ba na leɓen bim ba, kuma injiniyan da zai sa hannu ya ga lissafin.